Kilo 98 a Sikeli, Kilo 71 a Takardar Magani: Lissafin Mai Ƙiba a Ƙasar Kurfai

Wanda ya shiga ɗakin awon yara a kowace likita ta ƙasar Kurfai, daga Filinge har Shikal, ya san kayan da zai tarar. Akwai sikelin rataye mai ɗan wando, wanda ake saka jariri a ciki yana tsala kuka. Akwai allon katako na auna tsawon yaro. Akwai ɗan zaren nan mai launi uku da ake naɗawa a dantse, wanda in ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da milimita 115, uwa ta san ɗanta ya shiga layin masu tamowa mai tsanani. Yunwa ce ta koya mana waɗannan kaya. Farin 1973 da na 1984 da ƙarancin cimaka na 2005 sun bar tabo a wannan yanki na Dallol Bosso, kuma ma'aikatan lafiyarmu sun ƙware sosai wajen gane jikin da ya rame.

Sai dai a layi ɗaya da uwar yaron nan, sau da yawa akwai wata Hajiya zaune a kan benci, ta cika shi, tana haki saboda 'yar tafiyar da ta yi daga bakin ƙofa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa yawan matan da nauyinsu ya wuce kima ya kusa daidai da yawan waɗanda suka rame, kuma a birane abin ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Mu kuma a nan ƙiba ba abin kunya ba ce, alamar hutu ce da wadata. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da al'adar hangandi, Larabawan Azawak sun daɗe suna ɗura wa 'yan mata nono da fura don su cika, ga kuma ƙwayoyin sha-ka-fashe a tiren masu tallar magani.

Ranar da Hajiyar nan ta kwanta ciwo, tambaya ɗaya ce za ta taso wadda zaren dantse ba ya amsawa. Magunguna da yawa ana ba da su ne gwargwadon kilo, miligram kaza a kowane kilo na jiki. To, wane kilo? Wanda sikeli ya nuna, ko wani daban?

Gishiri da mai a tukunya ɗaya

Duk macen da ta taɓa kaɗa miya ta san amsar, ko da ba ta san ta sani ba. Gishiri a ruwa yake narkewa, ba ya shiga mai. Idan tukunya biyu suna da ruwa daidai, ɗaya kuma an malala mata man gyaɗa har yana yawo a sama, ba a ninka mata gishiri don ta fi cika. Wadda ta yi haka ta ɓata miya.

Jikin mutum haka yake. Tsoka da hanta da jini da sauran sassan da ba kitse ba, kusan kashi 73 cikin ɗari nasu ruwa ne. Kitse kuwa ruwansa kaɗan ne ƙwarai. Wasu magunguna kamar gishiri suke, ruwan jiki kawai suke bi, kitse bai dame su ba. Babban misali shi ne jantamisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin kusan kowane kabad na magani a ƙasar nan, a 'yar kwalba mai rubutun `Gentamicine 80 mg/2 ml`. Tana da araha, tana da ƙarfi a kan ciwon ƙoda da na mafitsara da ruɓar ciki da zazzaɓin bayan haihuwa. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. In ta yi yawa ko ta daɗe a jiki, ƙoda take ci da kunne.

Da a ce duk abin da mai ƙiba ya ƙara kitse ne zalla, da magana ta ƙare: sai a yi watsi da ƙarin, a ba shi maganin siririn mutum mai tsayinsa. Amma mahautan da ke feɗe shanun Azawak, irin waɗanda ake kiwo a garken gwaji na Tukunus a arewa da Filinge, za su gaya maka cewa san da aka turke ya yi tozo ba kitse kaɗai ya tara ba, namansa ma ya ƙaru. Mutum ma haka ne. Ƙafar da ke ɗaukar kilo ɗari dole tsokarta ta fi ta mai kilo hamsin, jininsa ya fi yawa, zuciya da ƙoda sun fi girma. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin nauyin ba kitse ba ne, kuma shi kansa kitsen yana da ɗan ruwa a tsakaninsa. Saboda haka nauyin sikeli ya yi yawa, nauyin siriri ya yi kaɗan, gaskiya tana tsakani. Wannan tsakanin ne ake kira gyararren nauyi.

Yadda ake fitar da shi

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce mace ce mai shekara 45, 'yar kasuwa, an kawo ta babbar likita ta Filinge da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kwiɓi, da amai, fitsari yana yi mata zafi. Likita ya ga cutar ta hau ƙoda, ya yanke shawarar haɗa mata da jantamisin, miligram 5 a kowane kilo, sau ɗaya a yini. Ta hau sikeli, kilo 98. An tsayar da ita jikin bango ba takalmi, an zame ɗaurin kallabi, santimita 160.

Matakin farko shi ne a san nauyin da ya dace da tsayinta. Lissafin da ya fi yaɗuwa na wani masanin haɗa magunguna ne Ba'amurke, Ben Devine, wanda ya buga shi a 1974, kuma a kan jantamisin ɗin nan ya yi rubutun. Ga shi da santimita:

```
namiji: 50   + 0.91 × (tsayi − 152.4)
mace:   45.5 + 0.91 × (tsayi − 152.4)
```

Tsayin matar ya ɗara 152.4 da santimita 7.6. In aka ninka da 0.91 ana samun kusan kilo 6.9, a ɗora a kan 45.5, ya zama kilo 52.4. Wannan ba yana nufin dole ta koma kilo 52 kafin a ce tana da lafiya ba. Ma'auni ne kawai na aikin magani, kuma kuskure ne a nuna wa majinyaciya shi a matsayin inda ya kamata ta kai.

Mataki na biyu, a duba ko gyaran ya zama dole. Yawancin littattafan aiki sun ce sai nauyin sikeli ya wuce nauyin tsayi da kashi 20 cikin ɗari ko fiye. A wurin matar nan iyakar ita ce kusan kilo 63, ita kuwa tana da 98, ta wuce nesa. Lissafin da takardun likitocinmu ke rubutawa `IMC`, wato a raba nauyi da tsayi a mita sau biyu, ya ba ta 38, alhali daga 30 ake fara kiran ƙiba.

Mataki na uku shi ne gyaran kansa:

```
gyararren nauyi = nauyin tsayi + 0.4 × (nauyin sikeli − nauyin tsayi)
```

Rarar da ke tsakanin 98 da 52.4 ita ce kilo 45.6. Kashi 40 cikin ɗari na wannan rara kilo 18.2 ne. A haɗa da 52.4, an sami kilo 70.6, a ce 71.

Yanzu a duba abin da ke shiga jijiyarta. Da nauyin sikeli, miligram 490 ne, kwalba shida da ɗan ɗigo. Da nauyin tsayi kaɗai, miligram 262, kwalba uku da kwata. Da gyararren nauyi, wajen miligram 355, wanda a aikace ake cika shi 360, kwalba huɗu da rabi, mililita 9, a zuba a ƙaramin ruwan ƙari ya shiga cikin rabin awa. Tsakanin lissafin farko da na uku akwai kwalba ɗaya da rabi da 'yan kai a kowace rana. Tsakanin na biyu da na uku kuma akwai fiye da kwalba guda da ta rasa. Ina so a lura da wannan ɓangare na biyu, don an fi mantawa da shi. Jantamisin tana kashe ƙwayar cuta ne gwargwadon yadda ta yi tsiri a jini bayan an ba da ita. Ma'aikacin da ya ji tsoro ya tsaya a kwalba biyu, kamar yadda aka saba yi wa kowane babba, bai tsare matar ba. Ya bar ta da zazzaɓinta, ya kuma koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Shi 0.4 ɗin ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 an auna jinin masu ƙiba da aka yi wa wannan rukunin allurai, aka ga maganin yana bazuwa a wajen kashi 40 cikin ɗari na rarar nauyinsu. Binciken Larry Bauer da abokan aikinsa na 1983 yana cikin waɗanda aka fi ambata. Ma'aikatanmu da suka yi karatu da Faransanci a Yamai ko Damagaram za su iya cin karo da wani salo: hukumar kula da magunguna ta Faransa, a jagorar da ta fitar a 2011, ta yi amfani da 0.43, tare da lissafin Lorentz na nauyin tsayi. Da wannan salo matar tamu tana da nauyin tsayi kilo 55 ko 56, gyararren nauyi wajen 74, magani kusan miligram 370. Bambancin bai kai rubu'in kwalba ba. Bai kamata a tsaya musu a kan wanne ya fi ba, a ɗauki ɗaya a riƙe shi a duk ɗakin.

Ƙoda ma da kilo ake auna ta

Akwai wuri na biyu da nauyi ke shiga, kuma a ganina ya fi na farko haɗari don a ɓoye yake. Ƙoda ce ke fitar da jantamisin daga jiki. Kafin a san ko za a maimaita allurar bayan awa 24 ko a jinkirta, sai an ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda daga gwajin jini na kiriyatinin. Lissafin da aka saba da shi na Cockcroft da Gault ne, na 1976, kuma akwai kilo a cikinsa:

```
mace: 1.04 × (140 − shekaru) × nauyi ÷ kiriyatinin (µmol/L)
```

A ce sakamakon matar ya dawo 130, ya ɗan hau saboda amai da rashin shan ruwa. In aka saka kilo 98, lissafi zai ce ƙodarta tana tace mililita 74 a minti, wato ba laifi, a ci gaba kullum. In aka saka kilo 71, amsar 54 ce. Tsarin da asibitin Hartford na Amurka ya buga a 1995, wanda wurare da yawa suka ara, ya sa iyaka a 60: daga 60 zuwa sama kowace awa 24, daga 40 zuwa 59 kowace awa 36, daga 20 zuwa 39 kowace awa 48. Ka ga nauyin sikeli ya yi ɓarna biyu a lokaci ɗaya. Ya ƙara yawan maganin, ya kuma rufe raunin ƙodar da za ta fitar da shi. Kitse ba ya tace jini.

Abin da ke biyo baya ba ya zuwa da ƙara. Yawanci sai bayan kwana biyar zuwa bakwai kiriyatinin ke fara hawa, kuma mai jinya na iya cewa ai tana fitsari lafiya lau, don irin wannan lahani sau da yawa ba ya tsayar da fitsari. Jini ne kawai ke tona shi. Ƙoda takan farfaɗo in an tsayar da maganin da wuri. Kunne kuwa ba ya yafewa. Wata za ta ce tana jin ƙara kamar kukan gyare, wata ta ce kunnenta ya toshe. Mafi muni shi ne lahanin sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki. An sallami mace, zazzaɓi ya tafi, amma in ta taka rairayin tsakar gida da dare sai ta yi tangaɗi kamar ƙasa na zamewa, in tana tafiya fuskokin mutane suna rawa a idonta. Dangi su ce raunin jinya ne, wasu su ce iska ce. Sau da yawa wannan ba ya warkewa har abada.

A manyan asibitocin duniya ana auna yawan maganin a jini don a gyara adadi. Inda babu wannan gwaji, kariyar da ta rage guda huɗu ce, kuma duk suna hannun ma'aikaci: lissafi daidai tun farko, gajarta kwanaki yadda ba za su wuce uku zuwa biyar ba sai da dalili mai ƙarfi, maimaita kiriyatinin a tsakani, da kauce wa haɗa ta da abin da ke ƙara wa ƙoda nauyi. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci a wurinmu, don mai ƙiba yawanci tana da ciwon gwiwa, kuma diklofenak ko ibuprofen na cikin jakarta ba tare da likita ya sani ba. Wata kuma tana shan firosemid saboda hawan jini ko kumburin ƙafa. Sai an tambaya ake ji.

Ba kowane magani ba

Wanda ya koyi wannan lissafi yakan so ya shafa shi a kan komai, kuma nan ma akwai rami. Gyararren nauyi na wasu magunguna ne ƙalilan. Inoksaparin, allurar da ake yi wa wanda jini ya daskare masa a jijiya, da nauyin sikeli ake lissafa ta. Magungunan sankara ma haka: ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ce tun 2012 a ba mai ƙiba cikakken adadinsa bisa nauyinsa na gaskiya, don rage masa na rage damar warkewa. Asiklobir ta jijiya, takardar kamfaninta nauyin tsayi ta ambata. Farasitamol kuwa yana da rufi, babba ba ya wuce giram 4 a yini ko da ya kai buhu biyu na hatsi. Kowane magani da ƙa'idarsa, kuma a littafi ake duba ta, ba a kai ba.

Haka kuma ba kowane mai nauyi ne mai ƙiba ba. Ɗan kokawar da ya kai kilo ɗari da tsoka, irin waɗanda ke fita neman takobi, ruwan jikinsa ya yi daidai da nauyinsa, in aka yanke masa kashi 60 na rara an tauye shi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan zazzaɓin cizon sauro ma ta raba waɗannan biyu: ƙaton da ba shi da ƙiba a ba shi cikakken miligram na kowane kilo. Mai kumburi saboda ciwon zuciya ko hanta, ruwa ne ya tara ba kitse ba, kuma jantamisin tana bin wannan ruwa. Mai ciki da mai jego lissafinsu daban ne. Yara ba a yi musu da lissafin Devine ko kaɗan. Gajeriyar mace da ba ta kai santimita 152 ba, lissafin yana ba da nauyin da ya yi ƙanƙanta fiye da hankali, sai likita ya yi amfani da tunaninsa. Wanda kuma ya rame har nauyinsa bai kai na tsayinsa ba, nauyin sikelinsa ake ɗauka, kuma a Kurfai irinsa sun fi yawa.

Da aka zo kan abinci

A ce matar ta warke, amma gwaji ya nuna sukarinta ya hau, aka ce ta rage jiki. Nawa za ta ci? Nan ne labarin gyararren nauyi ya juya, kuma ra'ayina a fili yake: a lissafin abincin mai ƙiba da ke tafiya da ƙafarta, yawanci ba a bukatarsa, kuma yana iya cutarwa.

Tunanin da ya kawo shi ba banza ba ne. Kilo ɗaya na kitse yana ƙona wajen kalori 4 da rabi ne a yini, kilo ɗaya na tsoka wajen 13, hanta wajen 200, zuciya da ƙoda fiye da 400. Saboda haka in aka ɗauki ƙa'idar nan ta gaggawa, kalori 30 a kowane kilo, aka ninka da 98, za a ce matar tana bukatar kusan kalori 2,900, abin da ya fi bukatarta nesa. Don gudun haka, a 1984 wata masaniyar abinci a Amurka mai suna Karkeck ta ba da shawarar a ɗauki kashi 25 cikin ɗari na rarar nauyi kawai. Shawarar ta fito ne a wata 'yar mujallar ƙungiya, ba a gwada ta a kan mutane ba, amma ta bazu ta shiga littattafai.

Daga baya an sami abin da ya fi. A 1990 Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu sun auna numfashin mutane kusan ɗari biyar, kusan rabinsu masu ƙiba, suka fitar da lissafin abin da jiki ke ƙonawa yana kwance:

```
mace: 10 × nauyi + 6.25 × tsayi − 5 × shekaru − 161
```

Ga namiji, a maimakon cire 161 ana ƙara 5. Tunda da masu ƙiba aka gina shi, kuma da nauyinsu na sikeli, gyaran yana cikinsa tun asali. Kalori 10 kawai yake ba kowane kilo. Matar tamu da kilo 98: 980 da 1,000, a cire 225, a cire 161, saura 1,594. In wani ya ce bari ya gyara nauyin tukuna da kashi 25, ya sami kilo 64, amsar za ta faɗo wajen 1,250. Ya yi gyara sau biyu, ya zaftare kalori 340 da jikinta ke ƙonawa da gaske, kwatankwacin abin da ke cikin giram 90 zuwa 100 na tsabar hatsi, ko cokali uku na man gyaɗa. Bitar da ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta yi a 2005 ta nuna lissafin Mifflin da nauyin sikeli ya fi sauran kusantar gaskiya a wurin masu ƙiba.

Mace mai zaman rumfa da 'yan aikace-aikacen gida, ana ninka abin da take ƙonawa a kwance da wajen 1.4, ya zama kusan kalori 2,200 a yini. A rage 500, ta tsaya a 1,700, jiki zai riƙa sauka a hankali. Da lissafin da aka gyara sau biyu, za a ce mata 1,250. Mai irin wannan jiki ba za ta jure haka ba. Za ta yi mako biyu tana jiri, ta watsar, ta ce maganar likita ba ta yiwuwa. In kuma tana shan ƙwayar saukar da sukari irin gilibenkilamid, yunwar na iya kayar da ita. Kalori 500 ɗin nan kuwa ba sai an taɓa tuwon dare ba. Cokalin mai ɗaya kalori 120 ne, ƙwayar sukari ɗaya wajen 20, kuma wanda ya ƙirga ƙwayoyin da ke shiga fura da shayi zagaye uku, da man da ake kwarara wa dambu da shinkafa da wake, zai same su a nan. Shi ma lissafin Mifflin ƙiyasi ne, an gina shi a kan Amurkawa, kuma yana iya kuskure da kashi goma cikin ɗari ko fiye a kan mutum ɗaya. Alƙalin gaskiya sikeli ne: a auna ta duk bayan mako biyu, da safe, a sikeli ɗaya, a gyara abincin bisa abin da aka gani.

Inda gyararren nauyi ke da sauran gurbi a harkar abinci shi ne gadon mai ciwo mai tsanani da ake ciyarwa ta tiyo, irin wanda ake turawa Yamai, tafiyar wajen kilomita 180. Ko a can masana ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Jagorar Turai ta 2019 ta ce in ba na'urar auna numfashi a yi amfani da gyararren nauyi mai kashi 33. Ta Amurka ta 2016 ta kauce masa, ta ce kalori 11 zuwa 14 a kowane kilo na sikeli ga mai `IMC` 30 zuwa 50, da furotin giram 2 a kowane kilo na nauyin tsayi in bai kai 40 ba. Ga matar tamu wannan na nufin kalori 1,100 zuwa 1,400 da furotin wajen giram 105. Abin da duka biyun ke gudu ɗaya ne: a cika majinyaci da abinci har sukarinsa ya hau, ko a ce ai yana da ajiya a bar shi, alhali tsokarsa ce ciwo ke cinyewa a ƙarƙashin kitsen. Ka lura lambobi uku ne ke yawo da suna ɗaya, 0.4 da 0.33 da 0.25. Wanda ya ɗauki 0.25 na abinci ya saka a lissafin allura, matar tamu ta tashi da miligram 320 a maimakon 355.

Ido da mudu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A gefen gadon mai ƙiba kuwa ido na yin kuskuren kilo goma ko ashirin cikin sauƙi, balle an lulluɓe da zane da hijabi, kuma duk lissafin da muka bi a sama ya rataya ne a kan lambobi biyu. Na farko, nauyi, ana samunsa in akwai sikelin manya, ko da yake ƙananan sikelin da ake takawa da yawa suna ƙarewa a kilo 120 ko 130, kuma a kan rairayi ko tabarma ƙarya suke yi, sai a daɓe mai tauri. Na biyun, tsayi, shi ne wanda kusan ba a auna wa babba. Ba ya bukatar komai sai tef ɗin tela da aka manna a bango da kwali a ɗora a ka. Kuskuren santimita biyar yana sauya gyararren nauyi da ƙasa da kilo uku, don haka ko awon da ba cikakke ba ya fi babu nesa. Wadda ba ta iya tashi, a auna ta a kwance, ko a buɗe hannuwanta a auna daga kan dogon yatsa zuwa ɗaya, don wannan faɗi ya kusa daidai da tsayin mutum.

Ga manjo da ungozoma da mai ba da magani a likitocin Filinge da Bonkuku da Damana da Shikal, roƙona shi ne a rubuta tsayi kusa da nauyi a katin kowane babba, a kuma rubuta a takardar magani wane nauyi aka yi lissafi da shi, don wanda ya karɓi aiki da dare kada ya ga kilo 98 a kati ya zaci an yi kuskure ya ƙara kwalba. A zana ɗan jadawali na tsayi daga santimita 150 zuwa 190 da nauyin da ya dace da kowanne, na maza da na mata, a manna a ƙofar kabad ɗin da jantamisin take. Aikin rabin awa ne.

Ke kuma Hajiya, da kai Alhaji, da duk mai jinyar wani mai jiki, lissafin nan ba naku ba ne ku yi a gida, kuma jantamisin ba allurar da za a saya a tire a kira wani ya soka a zaure ba ce. Naku shi ne ku yarda a auna ku ba tare da jin nauyi ba, ku fito da duk ƙwayoyin da ke cikin jaka ku nuna, har da na ciwon gwiwa da na ƙara jiki. In ana cikin allurar kuka ji ƙara a kunne, ko jiri, ko ƙasa tana rawa, ku faɗa wa ma'aikaci kafin a yi ta gaba.